Daga Kallo Zuwa Alat: Yadda Mai Turaren Wuta Ke Jan Baƙuwa Har Ta Biya

Ba a shinshinar ƙamshi ta fuskar waya. Duk da haka akwai mata a Kano, Kaduna da Maiduguri da ke sayar da turaren wuta da humra ga mutanen da ba su taɓa gani ba, ana turo musu kuɗi daga Abuja, Legas da Fatakwal kafin a ji ko da burɓushin ƙamshin. Idan ka tsaya ka yi tunani, abin mamaki ne. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana da abin nunawa, zane ne ido ke gani. Mai turare kuwa abin da take sayarwa hanci ne ke yanke masa hukunci, kuma hancin yana nesa da ita da tafiyar yini guda. Waɗanda suka ƙware a cikinsu ba su fi saura yawan mabiya ba, wani lokacin ma ba su fi su iya haɗa turare ba. Abin da suka fi su da shi shi ne sun shimfiɗa hanya tun daga bidiyon da baƙuwa ta gani har zuwa lokacin da alat ya shigo, kuma sun san inda mutane ke zamewa a kan hanyar.

Masu nazarin talla suna kwatanta wannan hanya da mazurari, irin wanda mai man gyaɗa ke ɗurawa da shi a kwalba: bakinsa da faɗi, ƙasansa a tsuke. Dubban mutane ne ke kallo, ɗaruruwa su leƙa, gommai su yi magana, 'yan kaɗan su biya. Tsukewar ba laifi ba ce, haka abin yake ga kowa. Laifin shi ne a ce mazurarin ya huje a gefe, mai shi ba ta sani ba, tana ta ƙara zuba mai daga sama.

Mu ƙaddara wata gwanar mai turare a Kano, tana haɗa kayanta a gida, tana da shafi a Instagram da TikTok da lamba guda a WhatsApp Business. Alƙaluman da zan kawo na misali ne don lissafi ya fito fili, amma matakan su ne waɗanda ake bi.

Matakin farko bidiyo ne, kuma aikinsa ɗaya tak: ya sa wadda ke shafa waya ta dakata, sannan ya gaya mata abu guda da za ta yi. Gwanar ba ta fara da sallama mai tsawo da gabatar da sunan kasuwanci, domin kafin ta gama an wuce. Tana farawa da hannunta yana barbaɗa turare a kan garwashi cikin kasko, hayaƙi na tashi a hankali yana shiga cikin lafaya da aka rataye. Tunda ba za ta iya aika ƙamshi ba, sai ta faɗi abin da za a iya riƙewa: da me aka haɗa, sandal ne ko hawi ko gabgab, na ɗaki ne ko na kaya, mai sanyi ne ko mai ƙarfi da ke kama labule. A ƙarshe ta ce abu ɗaya: "Ki danna mahaɗin da ke saman shafina ki yi min magana a WhatsApp." Ba ta haɗa shi da a bi shafinta, a tura wa ƙawaye, a yi sharhi, a kuma kira lamba. Wadda aka ba ayyuka huɗu a lokaci guda ba ta yin ko ɗaya.

Akwai wata tsohuwar al'ada a kasuwancin waya da gwanaye suka daina, wato ɓoye farashi a ce sai an shigo ciki a tambaya. Masu yin haka suna ganin suna tara masu magana. Suna tarawa kuwa, sai dai yawancinsu masu "nawa ne?" ne da ke ɓacewa da zarar sun ji amsa, bayan sun cinye wa mai kaya safiya guda tana amsa tambaya iri ɗaya. Idan farashi na jikin bidiyon, masu shigowa za su ragu, amma duk wadda ta shigo ta riga ta auna aljihunta. Ni a ganina wannan ne gyara mafi sauƙi da ya fi kowane saurin nuna amfaninsa.

Sai abin da ake tallatawa. Ba ta jefa wa baƙuwa jerin turaruka ashirin. Ta ware ƙunshin gwaji guda: ƙananan kwalabe uku, kowanne da ƙamshinsa, a kan naira 6,500, ribarta a ciki naira 2,000. Hikimar a nan a bayyane take. Matar da ba ta san ki ba ba za ta tura miki naira 40,000 na kayan amarya ba, amma za ta iya jarraba 6,500, idan ma an cuce ta ba ta yi asarar da za ta hana ta barci ba. Ƙunshin gwajin shi ke maye gurbin shinshinawar da za ta yi da a ce a shago take.

Mataki na biyu shi ne tsallakawa daga dandalin kallo zuwa WhatsApp, kuma a nan ne mutane da yawa ke zubewa ba don komai ba sai wahalar hanya. Idan lamba kawai aka rubuta, sai baƙuwa ta kwafa, ta fita, ta adana, ta buɗe WhatsApp, ta nemo sunan, ta yi tunanin abin da za ta ce. A tsakanin nan yaro ya yi kuka ko wani bidiyon ya ɗauke mata hankali, shi ke nan. WhatsApp yana da mahaɗi da ke yanke duk wannan, ana rubuta shi haka:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Salam%20ina%20son%20kunshin%20gwaji
```

Ana sa lambar ƙasa, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, a cire sifilin farko na lambar, ba a sa alamar tarawa ko tazara. Kowane %20 yana nufin fili tsakanin kalmomi. Da an danna, hira ta buɗe da saƙon a rubuce, abin da ya rage wa baƙuwa kawai ta tura. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanaye ke amfani da wannan saƙon wajen gane tushen kwastoma. Mahaɗin da ke Instagram ya ce "ina son ƙunshin gwaji", na TikTok ya ce "na ga turaren a bidiyo", wanda aka ba wata mai mabiya ta tallata ya ɗauki wasu kalmomin daban. Ba tare da wata manhaja ta musamman ba, daga kalmar farko ta san ta inda mutum ya biyo.

Yanzu ga baƙuwa ta shigo. Nan ne ainihin sana'ar take, kuma nan ne ya kamata a daɗe.

WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana da 'yan kayan aiki da suka isa ƙaramar sana'a. Akwai Greeting message da ke tarbar duk wanda ya yi magana karon farko, ko bayan kwana 14 ba a yi hira ba. Akwai Catalog inda ake jera kaya da hoto da farashi. Akwai Quick replies, inda ake adana amsoshin da ake yawan maimaitawa, da an rubuta alamar / sai su bayyana. Sai kuma Labels, wato alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira. Duk waɗannan kyauta ne, amma ba su ke sayar da kaya ba. Saƙon tarba yana riƙe mutum ne na ɗan lokaci kafin mai kaya ta iso. Idan aka bar baƙuwa da shi tun daga azahar har bayan isha'i, zafin son da bidiyo ya hura mata ya huce, wataƙila ma ta saya a wani wurin. Shi ya sa gwanar ba ta sakin bidiyo a lokacin da ta san za ta shiga girki ko fita biki. Tana saki ne lokacin da za ta iya zama da waya a hannu na awa biyu masu zuwa.

Dubi yadda hirar ke tafiya a hannunta. Baƙuwa ta turo saƙon da ke mahaɗin. Ta amsa: "Wa'alaikissalam Hajiya, sannu da zuwa. Ƙunshin gwaji kwalabe uku ne, naira 6,500. Na ɗaki kike so ko na kaya?" Ta ce na kaya. "To madalla, zan sa miki sandal da hawi da wani haɗi mai sanyi da ba ya hawa kai. Wane gari za a kai miki?" Ta ce Abuja. "Kuɗin mota zuwa Abuja naira 3,000, jimla 9,500. Muna kai kaya tasha ranar Talata da Juma'a, washegari direba zai kira ki. In turo lambar asusu?"

Kowane saƙo nata yana ƙarewa da tambaya mai sauƙin amsawa, kuma kowace amsa tana matso da ciniki taki ɗaya. Wadda ba ta ƙware ba takan tsaya a "6,500 ne", ta yi shiru tana jira, ita ma baƙuwar ta yi shiru, ciniki ya mutu ba wanda ya kashe shi. Lura kuma da yadda kuɗin mota ya fito tun kafin lambar asusu. Babu abin da ke korar mai saye kamar ta amince da farashi, ta shirya turawa, sannan a ce mata akwai ƙarin dubu uku. Ba kuɗin ne ke ɓata mata rai ba, jin cewa an ɓoye mata ne. Gwanar tana da jerin garuruwa da kuɗin aike na kowanne a adane cikin Quick replies, tana sabunta shi duk lokacin da direbobi suka ƙara kuɗi.

Daga nan sai maganar amana, wadda ita ce babban tudu a cinikin waya a ƙasar nan. Kusan kowace mai saye ta taɓa jin labarin wadda ta tura kuɗi aka toshe ta, ko ta ga abu a hoto aka kawo mata wani daban. Don haka lokacin da lambar asusu ta iso mata, tambayar da ke ranta ba ta ƙamshi ba ce kuma, ta gaskiya ce. Gwanar tana amsa wannan tambayar tun ba a yi ta ba. Sunan da ke kan asusun ya dace da sunan da ke kan shafin, domin idan shafi na ɗauke da sunan kasuwanci na mace sai ga asusu da sunan wani namiji ba bayani, da yawa za su ja da baya. Tana da hotunan kayan da aka ɗaure aka rubuta garuruwa a jiki, da saƙonnin godiya na waɗanda suka karɓa, bayan ta nemi izininsu ta kuma rufe lambobinsu. Wani lokacin ɗan gajeren saƙon murya ya fi dogon rubutu aiki: jin muryar mace tana cewa "in sha Allahu Talata zai tashi, zan turo miki lambar direba" yana kwantar da hankali fiye da duk wani ado na shafi.

Amanar kuma ta ɓangare biyu ce. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi. Ba ta ɗaure kaya sai ta buɗe manhajar bankinta, ko OPay ce ko Moniepoint ko wani banki, ta ga kuɗin sun zauna a ciki da idonta.

To ina lissafin? A nan ne Labels ke shigowa. Duk wadda ta yi magana tana samun alamar sabuwa. Wadda aka tura wa lambar asusu a mayar da ita ta jiran biya, wadda ta biya a canza mata, wadda kaya suka isa hannunta ita ma da tata. Ƙarshen mako sai a ƙirga, a rubuta a littafi. Mu ce bidiyon wannan makon ya samu kallo 20,000. Mutum 400 sun buɗe shafinta, 120 sun yi magana a WhatsApp, 50 sun ci gaba da hira bayan jin farashi da kuɗin mota, 30 sun karɓi lambar asusu, 18 sun biya. Riba naira 36,000.

Mai kallon waɗannan alƙaluma da idon sabon shiga zai ce a nemi ƙarin kallo. Gwanar kuwa idonta na kan mutum 12 ɗin nan da suka karɓi lambar asusu ba su tura ba. Sun ga kaya, sun ji farashi, sun faɗi garinsu, saura taki ɗaya. Yawanci ba fasawa suka yi ba. Wata manhajar bankinta ta ƙi aiki, wata tana jiran maigida ya dawo, wata ta ce anjima sai anjimar ta zama mantuwa. Washegari sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da saƙo gajere: "Hajiya ina kwana, gobe Juma'a motar Abuja za ta tashi, in ajiye miki naki?" Babu ƙorafi a ciki, babu roƙo, kuma dalilin gaggawar gaskiya ne, motar da gaske za ta tashi. Idan huɗu daga cikinsu suka biya, ta ƙara naira 8,000 da aikin minti goma. A lissafin wannan makon, kwastoma ɗaya na fitowa ne daga kallo kusan 1,100, wato kafin ta samu mutum huɗu ta hanyar sabon bidiyo sai ta nemo kallo kusan 4,500. Sau ɗaya take tunatarwa, iyaka sau biyu. Bayan haka ta ƙyale mutum, domin naci yana jawo a toshe ta ko a kai ƙarar lambarta, kuma lambar da aka yawaita kai ƙararta WhatsApp na iya rufe ta.

Kowane rami a lissafin yana da abin da yake nunawa. Idan kallo ya yi yawa amma ba a buɗe shafi, bidiyon ya nishaɗantar ne kawai, ko ya faɗa hannun waɗanda ba masu saye ba. Wannan na yawan faruwa ga wadda ta shiga yayin rawa ko barkwanci don neman mabiya: ta tara samari dubu hamsin masu dariya, ba mai sayen turaren kaya ko ɗaya. Idan ana buɗe shafi ba a magana, a duba mahaɗin da wayar wani, sau da yawa sifilin da ba a cire ba ne ya lalata shi. Idan ana magana ana gudu bayan farashi, kamar 70 ɗin da suka ɓace a misalinmu, to ko farashin bai fito sosai a bidiyo ba, ko amsa na jinkiri, ko kuɗin mota ya kusa rabin kuɗin kaya, kamar yadda yake a nan, har ya kamata a yi tunanin haɗa aiken mutane da yawa na gari ɗaya ko samun wakiliya a can. Abu ɗaya ake gyarawa a mako. Wadda ta canza bidiyo da farashi da saƙon tarba a lokaci guda, ko ciniki ya ƙaru ba za ta san wanne ya jawo ba.

Tallan kuɗi sai bayan an toshe waɗannan ramuka. Meta na da irin tallan da ke kai mutum kai tsaye cikin hirar WhatsApp daga Facebook ko Instagram, kuma lissafinsa ba wuya. A ce ta kashe naira 15,000, mutum 50 suka yi magana, 8 suka biya. Kowane kwastoma ya tsaya mata a kan naira 1,875, ribar ƙunshin kuwa 2,000. Wato a cinikin farko kusan aikin banza ta yi, abin da ya rage mata a kan kowane kwastoma naira 125 ne. Wadda ba ta lissafi za ta ga alat takwas ta yi murna, ta ƙara zuba kuɗi.

Abin da ke ceto wannan lissafi shi ne ciniki na biyu. Turare abu ne mai ƙarewa. Idan uku daga cikin takwas ɗin suka dawo suka sayi babbar kwalba mai ribar naira 5,000, an samu 15,000 ba tare da an sake biyan ko kwabo na talla ba, ban da wadda za ta zo da oda ta bikin ƙanwarta. Shi ya sa gwanar ba ta ɗaukar shigowar alat a matsayin ƙarshen hulɗa. Tana tura lambar direba ba sai an tambaya ba. Bayan kwana biyu da isar kaya ta tambaya wanne aka fi so cikin ukun, ta rubuta amsar. Sannan ta roƙi abu ɗaya: a adana lambarta. Wannan roƙon yana da dalili na fasaha. Status na WhatsApp, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, ba ya bayyana sai ga wanda kuka adana lambar juna, saƙon Broadcast ma, mai ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, ba ya isa sai ga wanda ya adana taki. Kwastomar da ta adana lambar ta shiga da'irar da ake tallata mata kaya kullum kyauta, ba tare da jiran TikTok ya ga dama ya nuna mata ba.

Ko wannan da'irar ma ba mallakinta ba ce gaba ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke tare na kusan awa shida, kuma masu sana'a a Twitter sun ga yadda aka dakatar da shi a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Shafi kan iya faɗawa hannun ɓarayi, waya kan ɓata. Saboda haka a cikin littafin nan da take ƙirga na mako, akwai ɓangaren da take rubuta sunan duk wadda ta taɓa biya, da lambarta, da garinta, da ƙamshin da ta zaɓa, da ranar da ta saya. Idan azumi ya kai goma, tun kafin tasha ta cika da kayan sallah direbobi su ƙara kuɗi, sai ta buɗe littafin ta fara da waɗanda suka ce sandal suka fi so, ta gaya musu an haɗa sabo kuma ranar kaza ce motar ƙarshe.